Ofishin makaranta ya tsayar da hotonka: wasiƙar roƙo, wasiƙar awo, ko sabon hoto?

'Yar ƙanwata ce ta same ni a shago a Aboabo, nan Kumasi, bayan la'asar, wayarta a hannu, fuska ba walwala. Ta samu gurbi a wata kwaleji, ta cike fom, ta biya abin da ake biya, sai ofishin rajista ya aiko mata cewa ba za a buga mata katin shaida ba sai ta rubuto bayani. Dalilinsu shi ne hotuna biyu suke gani a fayil ɗinta, hijabi ɗaya, bango ɗaya, amma fuskar farko siririya ce doguwa, ta biyu kuwa mai faɗi. Suna so su san wanne ne ita, kuma me aka yi wa hoton.

Ta ce, "Kawu, ni dai haƙuri zan ba su, in ce kuskure ne."

Na ce, "'Yata, zauna tukuna. Haƙuri suka nema ko bayani?"

Aikina ke nan, buga takardu da gyaran hotunan fom, kuma duk lokacin shiga makaranta sai na ga irin wannan. Hanya uku ce a gaban ɗalibi: ya rubuta gajeriyar wasiƙar ban haƙuri, ko ya rubuta wadda ke ɗauke da awo da bayanin yadda aka datse hoton, ko ya bar rubutu ya koma situdiyo a ɗauke shi sabo. Kowacce tana da wurinta, amma ba a iya zaɓa sai an gano ainihin abin da ya samu hoton. Shi ya sa muka fara daga nan.

Kalmar "girman fasfo" ba awo ɗaya take nufi ba, kuma wannan ne tushen rikicin. Akwai mai tsayi, milimita 35 a faɗi da 45 a tsayi, wanda Birtaniya da ƙasashen Turai masu bizar Schengen suke amfani da shi. Akwai kuma murabba'i, inci 2 da inci 2, wato kusan milimita 51 kowane gefe, wanda Amurka take nema. Duk biyun masu situdiyo a Adum da Asawase suna yin su, kuma duk biyun "fasfo" ake kiransu. Takardar makarantar 'yata ta faɗi nata ƙarara: 35 da 45, farin bango, fayil na JPEG. Ita kuma da ta ga kalmar fasfo, sai ta ɗauki hoton da na yi mata da waya a jikin farin bangon shago, ta yanke shi murabba'i kamar yadda take yi wa hoton da ake sawa a WhatsApp, ta ɗora.

Shafin rajistar bai ƙi hoton ba. Da ma ya ƙi, da an huta. Sai ya karɓa ya cusa murabba'in cikin akwati mai tsayi. Ka ɗauki hoto mai fiksel 600 da 600, fiksel su ne ƙananan ɗigon da suka haɗa hoto, ka tilasta shi ya zama 413 da 531, ba tare da an yanke komai ba: faɗin ya fi tsayin matsuwa, fuska ta tsuke da kusan kashi 22 cikin ɗari. Abin da ma'aikacin ofis ya gani ke nan a hoto na farko, kumatu sun shige, hanci ya yi tsawo, idanu sun matso juna. Daga baya da ta lura, sai ta zo muka sake yanke hoton daga na asali, ta ɗora na biyu. Fuskarta ta gaskiya ta fito, amma yanzu fayil yana da mutum biyu.

A nan akwai bambanci da ya kamata ɗalibi ya riƙe, domin a kansa duk wasiƙar za ta tsaya. Datsewa ita ce cire gefe: a yanke bangon da ya yi yawa, a yanke ƙirji da hannuwa, fuska ta zauna yadda Allah Ya yi ta. Ragewa ita ce a ƙanƙantar da hoton gaba ɗaya, faɗi da tsayi tare, kamar ana kallonsa daga nesa. Waɗannan biyun ba sa sauya kamanni. Matsewa ko ja kuwa, wato a sauya faɗi ba tare da tsayi ba, shi ke sauya mutum, haka ma goge tabo, ƙara haske a fata, ko sauya bango da manhaja. Ofis ba ya tsoron datsewa, domin kowane hoton fasfo a duniya datsattse ne. Abin da yake tsoro shi ne katin shaida ya fita da fuskar da mai gadin zauren jarrabawa ba zai gane ba.

Ga yadda muka yi datsar, da lambobinta, tunda su ne za su shiga wasiƙa. Hoton asali fiksel 3024 ne a faɗi, 4032 a tsayi, irin wanda kyamarar waya mai megafiksel 12 take fitarwa. Na tsayar da ita kamar taku biyu daga gare ni lokacin ɗauka, da kyamarar baya, don haka an samu fili sosai a sama da gefe. Na auna kanta daga haɓa zuwa tsakar ka, ya zo fiksel 1080. A hoto mai 35 da 45, ƙa'idar Schengen tana son kai ya cinye milimita 32 zuwa 36 na tsayin, ta Birtaniya kuma 29 zuwa 34. Makarantar ba ta faɗi nata ba, sai na zaɓi kashi uku cikin huɗu na tsayin, wanda ya faɗa cikin duka biyun. Idan 1080 ne kashi uku cikin huɗu, cikakken tsayin 1440 ke nan. Faɗi kuma bakwai ne a kan tara na tsayi, domin 35 da 45 daidai suke da 7 da 9, sai ya zama 1120. Na ja akwatin Crop ya zama 1120 da 1440, hanci a tsakiya, ɗan fili a saman kai, kafaɗu suna leƙowa a ƙasa. Daga nan na rage shi zuwa 413 da 531, na tabbatar alamar Maintain aspect ratio, wadda ke rage faɗi da tsayi tare, tana kunne.

Wannan 413 da 531 ba daga sama suka faɗo ba. Hoto a waya ba shi da milimita, fiksel kawai gare shi, sai an faɗi ɗigo nawa za a zuba a kowane inci in an buga. Abin da aka saba da shi 300 ne, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne:

```
35 / 25.4 x 300 = 413
45 / 25.4 x 300 = 531
```

To, yanzu ga wasiƙun biyu. A nan Ghana da Turanci ake rubuta wa ofishin makaranta, amma ga abin da kowacce ta ƙunsa da Hausa.

Wadda 'yata ta fara rubutawa ta ce tana gaisuwa, tana neman afuwa kan kuskuren da ya faru a hotonta, ba da gangan ta yi ba, ita sabuwar ɗaliba ce ba ta san yadda ake yi ba, ta gyara hoton yanzu, tana roƙon a taimaka a karɓa don Allah, kada ta rasa rajista. Wasiƙa ce mai ladabi, kuma ban raina ladabin ba, da shi aka tashe ta. Amma ka sa kanka a kujerar mai karantawa, da tarin fayil a gabansa. Ya tambayi wanne hoto ne na gaskiya, wasiƙar ba ta faɗa ba. Ya tambayi me aka yi wa hoton, ta ce "na gyara". Wannan kalma ita ce mafi haɗari a duk takardar, domin gyara tana iya zama datsewa, tana iya zama shafe fuska da manhajar kwalliya. Wanda ya riga ya yi shakka, mummunar ma'anar zai ɗauka. Kuma babu abin da zai iya dubawa da kansa. Ko dai ya yarda da ita a kan alfarma, ko ya ajiye fayil ɗin sai ta zo da ƙafarta. Ma'aikaci mai tsoron a tuhume shi gobe, ajiyewa zai yi.

Wadda muka rubuta tare ta fi wancan tsawo da kaɗan, amma ba ta wuce rabin shafi ba. A sama akwai kwanan wata, ofishin da aka rubuta wa, sai kan magana mai ɗauke da cikakken sunanta, lambar rajista da sashen karatu. Jikinta kuma ga shi:

"Mai girma Magatakarda, ina amsa saƙon ofishinku game da hotuna biyu da ke fayil ɗina. Duka biyun daga hoto ɗaya suka fito, wanda aka ɗauke ni da shi a jikin farin bango, kuma na haɗo shi da wannan wasiƙa yadda yake ba a taɓa shi ba, fiksel 3024 da 4032. Na farko da na ɗora na yanke shi murabba'i bisa kuskure, sai shafin rajista ya matse shi cikin akwati mai tsayi, shi ya sa fuskar ta tsuke. Ina roƙon a cire shi. Na biyu an datse shi daga na asali zuwa fiksel 1120 da 1440 don ya dace da ƙa'idarku ta milimita 35 da 45, sannan aka rage shi zuwa 413 da 531, faɗi da tsayi tare. Abin da aka cire bango ne a sama da gefe, da jiki daga ƙirji zuwa ƙasa. Kai daga haɓa zuwa tsakar ka ya kai kusan milimita 34. Ba a taɓa fuska ba, ba a sauya launin fata ko bango ba. Ina sanye da hijabi, kuma fuskata a buɗe take daga goshi zuwa haɓa. In ana bukata, zan zo ofis da katin shaidata na ƙasa a gwada. Na gode."

Dubi abin da wannan ta ba mai karatu. Ta faɗi ƙa'idar da aka bi da kalmomin makarantar kanta. Ta nuna hoton da za a jefar da wanda za a riƙe, ba a bar shi yana canka ba. Kowace lamba a ciki yana iya gwada ta: ya danna dama a kan fayil ɗin, ya buɗe Properties, ya shiga Details, zai ga 413 da 531 a rubuce. Ya ɗora na asali kusa da na biyu, zai ga fuska ɗaya ce, tazarar idanu ɗaya. Jimlar da ta fi kowacce nauyi kuwa ita ce wadda ta faɗi abin da ba a yi ba, domin ita ce amsar tsoron da bai furta ba. Kuskuren ma an amsa shi, sau ɗaya, a jimla ɗaya, aka wuce.

Akwai inda wasiƙar awo take cutar da mai ita, kuma dole in faɗa. Lamba ba ta yafiya. Na ga ɗalibi ya kwafi wasiƙar abokinsa har da 413 da 531, alhali nasa fayil ɗin wani awo ne daban. Ma'aikaci ya duba, ya ga ba su dace ba, daga nan ko gaskiyar da ke cikin sauran wasiƙar ba ta ƙara tasiri ba. In ba ka auna da hannunka ba, kada ka rubuta. Haka kuma tana iya yin yawa. Ba a bukatar sunan manhajar da aka yi aiki da ita, ko labarin yadda aka yi ta fama da shafin har tsakar dare. Ƙa'ida, abin da aka yanke, abin da aka bari, hoton asali a haɗe, shi ke nan.

Ita ma gajeriyar wasiƙar tana da ranarta. In ofis bai nuna shakka kan kamanni ba, kawai ya ce hoton ya yi girma a fayil ko an manta sunan ɗalibi a kansa, layi uku sun isa: ga sabon hoto, ga awonsa, a cire tsohon. Cika wa mutum takarda da lissafi kan abin da bai tambaya ba ɓata masa lokaci ne. Amma ko a gajeriyar, a rubuta "na datse" a maimakon "na gyara".

Saura hanya ta uku, wadda ɗalibai suka fi gudu saboda kuɗin mota da na situdiyo, alhali sau da yawa ita ce mafi sauƙi. Wasiƙa tana bayyana datsa ne kawai, ba ta warkar da hoton da aka ɗauka ba daidai ba. Ga yadda nake ganewa kafin in bar yaro ya ɓata takarda.

Abu na farko da nake tambaya, ina na asali? In an ce ai an turo shi ta WhatsApp, sai in duba girmansa, domin manhajar tana rage hoto in an tura shi a matsayin hoto, sai dai in an tura shi ta Document. In bayan datsa tsayin da ya rage bai kai fiksel 531 ba, sai an kumbura shi kafin ya cika awo, kuma hoton da aka kumbura dishi-dishi yake fitowa, gashin ido ya narke, gefen fuska ya yi kamar an shafa masa ruwa. Wannan yakan faru da mai son mayar da hoton Amurka na 600 da 600 zuwa 35 da 45. Yanke gefe kawai yana ba da 467 da 600, siffar ta yi daidai, amma kan yakan yi ƙarami, domin ƙa'idar Amurka tana barin kai daga milimita 25 zuwa 35 cikin 51. In kan ya kai fiksel 360, kuma ana so ya cinye kashi uku cikin huɗu, tsayin da zai rage 480 ne, ya gaza. A nan sai a nemi babban fayil ɗin wajen mai situdiyo, in ya goge kuma a sake ɗauka.

Na biyu, hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu. Kusancin kyamara yana kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa, kafaɗa ɗaya ta ɗaga, wasu wayoyin ma suna juya hoton kamar madubi. Babu datsar da za ta mayar da wannan. Haka hoton da aka ciro daga na biki ko na salla, kai a karkace, kafaɗar wani a gefe. Haka inuwar kai a jikin bango, wadda ke zuwa in an jingina da bangon maimakon a matso gaba kaɗan.

Na uku ya shafe mu musamman a zango. Farin hijabi a jikin farin bango yana ɓatar da iyakar kai, fuska ta zama kamar tana yawo ita kaɗai. Ɗalibai sukan so su magance wannan da manhajar sauya bango, ita kuma sai ta ci gefen hijabin, ta bar zigi-zigi a kafaɗa. Wanda ya yi haka ba zai iya rubuta "ba a sauya bango ba", kuma wasiƙar da babu wannan jimla ta rasa ƙashin bayanta. Gara a sa hijabi mai duhu a sake ɗauka, a ja shi baya kaɗan goshi ya fito, haɓa ma ta fito. Shi ya sa ranar da na ɗauki 'yata na ce ta canza zuwa shuɗi. Ɗaurin ɗankwali mai tudu shi ma yana rikita awo, domin tsakar ka ake aunawa, ba ƙololuwar ɗauri ba, kuma in an bar wa ɗaurin wuri fuska sai ta ƙanƙance. Samari kuma su cire hula kafin a ɗauka, su cire tabarau in yana ƙyalli. Amurka ma tun 2016 ta hana tabarau a hoton fasfo da biza.

In makaranta ta nemi hoton takarda tare da wasiƙar, a nan ma akwai rami. Fayil yana iya zama daidai, firinta ta ɓata shi, in an bar alamar Fit picture to frame a kunne, sai ta ƙara girman hoton ya cika takarda, ta yanke gefensa. Takardar hoto mai inci 4 da 6 tana ɗaukar guda takwas na 35 da 45, huɗu a jere layi biyu, ko guda shida na murabba'i. In mai bugawa ya miƙo maka, ka sa rula kafin ka biya. In babu rula, fito da Ghana Card ko katin banki: gajeren gefensa milimita 54 ne. Hoto mai tsayin 45 zai gaza shi a fili, ya bar kusan santimita ɗaya, murabba'i mai 51 kuwa zai kusa cika shi. Da wannan kaɗai za ka san wanne aka ba ka.

Don haka da ɗalibi ya shigo shago da irin wannan saƙo, tambaya biyu nake yi masa. Kana da hoton asali, babba, wanda aka ɗauke ka sosai a jikin bangon da aka ce? Kuma za ka iya sa hannu a ƙarƙashin cewa ba a taɓa fuska ko bango ba? In ya amsa e ga duka biyun, wasiƙar awo nake zaunar da shi ya rubuta, mu auna tare. In ɗaya ta zama a'a, ba na barin ya rubuta dogon bayani, situdiyo nake tura shi, in ce ya gaya wa mai ɗauka "talatin da biyar da arba'in da biyar" da bakinsa, kada ya ce fasfo kawai, kuma ya karɓi babban fayil ɗin ta Document kafin ya bar wurin. Sai ya haɗa sabon hoton da layi uku na neman a cire tsohon.

'Yata tana da na asali, kuma ba a taɓa komai ba, don haka ta bi ta biyu. Muka buga wasiƙar kwafi biyu, ta sa hannu, na maƙala hoton asali a babbar takarda da datsattsen guda biyu a cikin ƙaramin ambulan, sunanta da lambarta a bayan kowanne da fensir don kada tawada ta huda. Na ce in ta miƙa, ta roƙi a buga mata hatimin karɓa a kwafinta ta dawo da shi gida. Fayilolin kuma ta sa musu suna da lambar rajistarta, ɗaya da kalmar original a ƙarshe, ɗaya da 35x45, ta ajiye su a imel ɗinta, domin shekara mai zuwa ofishin jarrabawa ma zai nemi hoto.